Kaki ko ofis: yadda fanshon soja da ɗan sanda ya bambanta da na farar hula a Saudiyya

A gidajen Hausawan Makka, Madina da Jidda, duk lokacin da yaro ya gama sakandare ko jami'a aka zauna shawarar inda zai nufa, akwai maganar da ba ta ɓacewa a bakin manya: "Ya shiga askariyya, su da 35 ake raba musu, farar hula kuwa da 40." Askariyya aikin kaki suke nufi, rabawar kuma ta lissafin fansho ce. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Abin da ke yanke yawan kuɗin da mai kaki zai riƙa karɓa bayan ritaya shi ne muƙamin da ya tsaya a kai, domin muƙamin ne ke faɗin shekarun da za a sallame shi. Wanda bai gane wannan ba zai yi lissafi da shekaru 35 da ba zai taɓa cikawa ba.

Kafin a yi nisa, wannan zance na masu takardar ɗan ƙasa ne. 'Yan'uwanmu masu iƙama, ko da a Makka aka haife su aka haifi iyayensu, ba sa cikin tsarin fanshon soja ko na ma'aikatan gwamnati. Abin da dokar ƙwadago ta ba su shi ne kuɗin sallama: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da na wata guda a kan kowace shekara bayan haka. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta har ƙarshe ya ɗora buri a kan abin da ba nasa ba.

Abu na biyu, a Saudiyya ɗan sanda soja ne a idon dokar fansho. Wanda ya san tsarin Najeriya zai zaci kowanne da tsarinsa, amma a nan 'yan sandan Amnul Am, 'yan murur masu kula da hanya, jami'an Jawazat masu kula da shige da fice, Difa'ul Madani masu kashe gobara da kai agaji, masu gadin iyaka da masu gadin kurkuku duk muƙaman soja suke ɗauke da su a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Doka ɗaya ce ta haɗa su da sojojin Ma'aikatar Tsaro da na rundunar tsaron ƙasa ta Harasul Waɗani, wato dokar ritayar soja ta shekarar 1395 Hijira, daidai da 1975. Saboda haka duk inda na ce soja a nan, har da ɗan sanda nake nufi. Ma'aikatan farar hula kuwa tasu dokar ta 1393 ce, wato 1973, sai kuma sabuwar dokar da ta fara aiki a watan Yulin 2024 ga sababbin shiga. Tun 2021 aka haɗe hukumar fansho da hukumar Ta'aminat mai kula da fanshon ma'aikatan kamfanoni, don haka yanzu ofis ɗaya ke biyan kowa, amma kowa da dokarsa ake yi masa lissafi.

Lissafin kansa

A tsohuwar dokar farar hula ana cire wa ma'aikaci kashi 9 cikin ɗari na gundarin albashinsa kowane wata, gwamnati ta zuba kwatankwacinsa. Soja ma kashi 9 ake cire masa, amma gwamnati kashi 13 take zuba masa. Ranar ritaya sai a ɗauki gundarin albashin ƙarshe, a ninka shi da watannin aiki, a raba. Na farar hula da 480 ake rabawa, wato shekara 40. Na soja da 420, wato shekara 35.

Mu ɗauki mutum biyu da kowannensu ya yi shekara 25, kuma kowanne ya ajiye aiki yana kan gundarin albashi na riyal 10,000. Waɗannan alƙaluman albashi misali ne kawai don lissafi ya fito fili, kowa ya sa nasa. Shekara 25 wata 300 ke nan. Farar hula zai samu 10,000 sau 300 a raba da 480, wato riyal 6,250 a wata. Soja zai samu 10,000 sau 300 a raba da 420, wato kusan riyal 7,143. Bambancin ya kusa riyal 900 duk wata har ƙarshen rai, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kowace shekarar aikin farar hula tana saya masa kashi 2.5 na albashinsa, ta soja kuwa tana saya masa kusan kashi 2.86. A nan manya ba su yi kuskure ba.

Inda lissafin gida ke kaucewa shi ne kalmar gundari. Takardar albashin soja ba layi ɗaya ba ce. Akwai gundarin albashi a sama, sannan a jero badaloli, wato alawus-alawus, a ƙasa: na sufuri, na haɗari, na yanayin aiki, na ƙwarewa, gwargwadon rundunar da mutum yake da wurin da aka tura shi. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ke shiga lissafin fansho. Farar hula ma badalolinsa ba sa shiga, sai dai ma'aikacin ofis na gama-gari yawanci nasa kaɗan ne, kusan duk abin da ke shiga asusunsa gundari ne. Shi ya sa ranar ritaya ta fi girgiza gidan soja. Iyali sun saba da abin da banki ke turo saƙonsa duk ranar 27 ga wata, a kansa aka ɗauki hayar gida da bashin mota, alhali fansho bai san da sulusin wannan kuɗin ba.

Shekarun da muƙami ke yankewa

Farar hula a tsohuwar doka yana aiki har ya cika shekara 60 ta Hijira, ko yana mataki na huɗu ko na sha huɗu. Soja ba haka yake ba. Kowane muƙami da shekarun da idan mai shi ya kai bai haura ba, sai a sallame shi.

A ɓangaren ƙananan sojoji, jundi da jundi awwal suna tafiya a shekara 44. Arif yana tafiya a 46, wakil raƙib a 48, raƙib da raƙib awwal a 50, ra'is ruƙaba a 52. A ɓangaren hafsoshi, mulazim da mulazim awwal 44 ne, naƙib 48, ra'id 50, muƙaddam 52, aƙid 54, amid 56, liwa 58. Hafsoshi matuƙa jirgin sama ana rage musu shekara biyu daga waɗannan.

Yanzu a dubi abin da wannan ke yi wa shekara 35 ɗin nan. Yaron da ya sa kaki yana ɗan 18, ya yi sa'a ya hau har ƙololuwar ƙananan muƙamai, ra'is ruƙaba, zai fita a 52 da shekara 34. Hafsan da ya fito daga kwaleji yana ɗan 22 sai ya kai amid kafin ya haɗa 34. Ke nan cikakken albashi a matsayin fansho abu ne da ƙalilan ke gani. Farar hular da ya fara yana ɗan 24 kuwa, in dai rai da lafiya, zai haɗa shekara 36 ba tare da ya dogara da ƙarin girma ba.

Bari mu bi yaro ɗaya ta hanyoyi biyu. Ya shiga yana ɗan 20. A hanya ta farko ƙarin girma bai zo ba, ya tsaya a jundi awwal, aka sallame shi a 44 da shekara 24, wata 288. A ce gundarin albashinsa na ƙarshe 7,000 ne, badalolinsa 3,000. Yana aiki, bayan an cire 630 na fansho, riyal 9,370 ke shiga hannunsa. Fanshonsa kuwa 7,000 sau 288 a raba da 420, wato 4,800. Kusan rabi ya tafi a wata guda, a daidai lokacin da babban ɗansa ke sakandare, ƙananan ke firamare.

A hanya ta biyu ya yi kwasa-kwasan da ake buƙata, fayil ɗinsa ba tabo, gurbi ya samu, ya kai raƙib. Zai fita a 50 da shekara 30, wata 360. A ce gundarinsa ya kai 10,500. Fanshonsa 10,500 sau 360 a raba da 420, wato 9,000. Mutum ɗaya ne, ranar shiga ɗaya, amma ƙarin girma ya kusa ninka masa fansho, saboda ta fuska biyu yake aiki: yana ɗaga albashin da za a yi lissafi da shi, yana kuma ƙara shekarun da za a ninka. Wannan ne ya sa nake ganin duk wanda zai shiga askariyya a ƙaramin muƙami, tambayar da ta fi cancanta ya yi wa na gaba da shi ita ce yadda ƙarin girma ke tafiya a rundunar da yake nema, tun kafin ya tambayi yawan badal. Takardar karatun da ya shiga da ita ma tana tasiri, domin ita ke sa a fara da mutum a muƙami mafi sama.

A ajiye ɗan'uwansa farar hula a gefe, wanda ya fara a 24 a tsohuwar doka, ya fita a 60 da wata 432 da gundarin 12,000. Nasa 12,000 sau 432 a raba da 480, wato 10,800. Ya fi su duka biyun a wata. Amma kada a manta da abin da ya wuce kafin nan. Wanda ya fita a 44 ya riga ya karɓi 4,800 na tsawon shekara 16 kafin sa'ansa farar hula ya ga fanshon farko, jimilla riyal 921,600, kuma a duk waɗannan shekarun hannunsa a sake yake. Doka ba ta hana shi haɗa fanshonsa da albashin kamfani mai zaman kansa ko ribar kasuwanci ba. Abin da ke tsayar da fansho shi ne komawa aikin gwamnati da ke ƙarƙashin dokar ritaya. Don haka ritayar wuri alheri ce ga wanda ya fito da sana'a a hannu, kuma wahala ce ga wanda ya fito ba shi da komai sai iya tsayuwar gadi.

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ya buɗe ƙaramin shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sana'ar da ya koya tun yana cikin aiki. Wani saurayi ya same shi da maganar shiga, ya ce, "Kawu, an ce in na yi shekara 18 shi ke nan na huta." Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ɗana, a shekara 18 rabin albashinka za su ba ka da 'yan kai, kuma ba rabin wanda kake gani a banki ba. Ka shiga, aiki ne mai daraja, amma ka fara tunanin abin da za ka yi bayan kaki tun daga shekararka ta biyar." Lissafinsa daidai ne, 18 a kan 35 kashi 51 ne da ɗan ɗori.

Wani abu da ke ƙara wa mai fita da wuri nauyi shi ne fansho ba ya hawa da kansa duk shekara yadda albashi ke hawa mataki. Sai in an yi umarnin sarki. A farkon 2018 an ba 'yan fansho alawus ɗin tsadar rayuwa na riyal 500, aka dakatar da shi a tsakiyar 2020, a shekarar da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Riyal 4,800 da aka yanke wa mutum yana ɗan 44 ba zai saya masa a shekara 65 abin da ya saya masa a farko ba. Farar hula albashinsa na ci gaba da hawa har 60, sannan a yanke masa fansho a kan adadin da ya fi kusa da farashin lokacin.

A lura kuma shekarun tsofaffin dokokin nan na Hijira ne, wadda ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Shekara 44 ta Hijira ba ta kai 43 ta Miladiyya ba, 60 kuwa kusan 58 ce.

Yaushe mutum ya cancanci fansho

A nan soja ya yi wa farar hula nisa. Soja ya cancanci fansho idan ya cika shekara 18 na ainihin aikin soja, ko 20 in an haɗa aikin soja da na farar hula, ko ya kai shekara 55 da haihuwa. Akwai ƙofa ta biyu a shekara 15, da sharaɗin aƙalla 8 daga ciki na soja ne: ko shi ya nemi tafiya minista ya amince, ko a sallame shi don maslahar aiki. Wannan ƙofar a rufe take ga wanda aka kora saboda rashin zuwa aiki, ko hukuncin ladabtarwa, ko aikata laifi. Yaron da ya yi shekara 16 ya fara fashin aiki har aka kore shi ya yi asarar fanshon rayuwa ana saura shekara biyu, sai dai a ba shi kuɗin sallama dunƙule. Iyaye da mata su san wannan, domin su ne ke fara ganin alamar gajiya a jikin mutum.

Farar hula a tsohuwar doka sai ya yi shekara 25 kafin ya iya tafiya da fansho don kansa, ko 20 in hukumar da ke da ikon naɗa shi ta yarda, ko 15 in gurbinsa aka soke. Wanda ya yi murabus kafin nan kuɗin sallama zai samu: kashi 10 na albashin shekara a kan kowace shekara in bai kai 10 ba, kashi 11 in ya kai. Mai gundarin 8,000 da ya ajiye aiki bayan shekara 8 zai tashi da 76,800. Kuɗi ne mai daɗin gani a dunƙule, amma karɓarsa na da tsada. Dokar musayar amfani ta 1424 Hijira ta ba mutum damar haɗa shekarunsa na gwamnati, soja ne ko farar hula, da shekarun da zai yi a kamfani a ƙarƙashin Ta'aminat, da sharaɗin bai karɓi sallama ko fansho a kan shekarun farko ba. Wanda ya san zai ci gaba da aiki a wani wuri ya yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu.

Shekarun ƙari

Dokar soja tana da abin da ta farar hula ba ta da shi, wato lokutan da ake ƙara wa mutum a kan ainihin shekarunsa. Lokacin da aka yi a yaƙi ana ƙara kwatankwacinsa, shekara ɗaya ta zama biyu a lissafi. Haka lokacin da mutum ya yi a hannun abokan gaba. Matuƙan jirgin sama, masu dirowa da lema da ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ruwa su ma ana ƙara musu wani kaso na lokacin da suka yi a wannan aiki. Idan jundi awwal ɗinmu na ɗazu yana da shekara biyu na ƙari, lissafinsa zai tashi daga 24 zuwa 26, fanshonsa daga 4,800 zuwa 5,200.

Wurare biyu ake tuntuɓe a nan. Na farko, shekarun ƙari suna ɗaga adadin kuɗi ne, ba sa cike sharaɗin cancanta, domin doka ainihin aiki ta ambata. Mai shekara 16 na zahiri da biyu na ƙari bai cika 18 ba. Na biyu, ba duk zama a bakin iyaka ake ƙirgawa lokacin yaƙi ba. Hukuma ce ke ayyana lokacin da waɗanda ya shafa, kuma sai ya shiga takardar bayanin aikin mutum kafin ya yi amfani. Duk wanda ya yi aiki a iyakar kudu tun daga 2015 ya nemi wannan takarda a ofishin ma'aikata na rundunarsa tun yana cikin kaki, ya duba abin da aka rubuta masa, ya duba kuma kwanakin da aka cire, domin fashin aiki ba da albashi ba ba ya shiga lissafi. Gyara ya fi sauƙi lokacin da waɗanda suka san inda ka yi aiki suna nan kusa.

In ƙaddara ta gitta

A ganina nan ne fifikon dokar soja ya fi fitowa, fiye da maganar 35 da 40, kuma shi ne aka fi mantawa a zaman shawara. Mu ɗauki matasa biyu, kowanne shekara biyar da fara aiki, gundarin kowanne 6,000.

Idan haɗarin mota ya same su a hanyar Ɗa'ifa ranar hutu, ba a bakin aiki ba, aka rasa rai ko aka sallami mutum don ba zai iya aiki ba, tsohuwar dokar farar hula ta ce kada fansho ya gaza kashi 40 na albashi, wato 2,400. Dokar soja ta ce kashi 70, wato 4,200. Ga matashiya da aka bari da yara biyu, wannan tazarar ita ce kuɗin haya.

Idan a dalilin aiki abin ya faru, farar hula kashi 80 ne, wato 4,800. Sojan da ya rasu ko ya naƙasa gaba ɗaya a dalilin aiki cikakken albashinsa ake bayarwa, 6,000, in naƙasar ta wani sashe ce kuma kashi 80. Wanda ya yi shahada a fagen daga ba a ma lissafa masa da nasa muƙamin, ana ɗaukar mafi girman albashin muƙamin da ke sama da nasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri. Wannan kariya ba kyauta ba ce, ladan haɗarin da mai kaki ke shiga ne, da tura shi Najran ko Tabuk ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, da dararen aikin Hajji da yake tsaye a Mina iyalinsa na gida.

Abin da ke jawo rigima a irin wannan shi ne tantance cewa a dalilin aiki ne ko a'a, domin a kansa kaso ya rataya. Kwamitin likitoci da rahoton da aka rubuta a ranar ne ke yanke hukunci. Rauni ko ƙarami ne a bakin aiki, a tabbatar an rubuta shi a ranar, a ajiye kwafi a gida inda uwargida ta sani.

Abin da 2024 ta sauya

Duk lissafin farar hular da na yi a sama na waɗanda suka riga suka shiga ne. Yaron da zai fara aiki yau, bai taɓa biyan ko wata ɗaya a wani tsarin fansho ba, sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 3 ga Yulin 2024 ce za ta hau kansa, ko a ma'aikatar gwamnati ko a kamfani. Shekarun ritaya a cikinta 65 ne. Ritayar wuri sai mutum ya haɗa shekara 30 yana biya, kuma bai fi saura shekara 10 ya kai 65 ba. Abin da ake cirewa yana hawa da rabin kashi duk shekara daga 9 har ya tsaya a 11. Mafi girman sauyin shi ne an daina lissafi da albashin ƙarshe. Ana ɗaukar matsakaicin albashi na watanni 180 mafi tsoka, wato shekara 15, kowace shekarar aiki kuma ta saya wa mutum kashi 2.25.

Mu ga yadda wannan ke fita a lamba. Wanda ya fara a 25 ya kai 65 ya yi shekara 40, kashi 90 ke nan. In albashinsa na ƙarshe 12,000 ne, amma matsakaicin shekaru 15 ɗinsa mafi kyau 10,500 ne, fanshonsa 9,450. A tsohuwar doka mai shekara 40 zai tashi da 12,000 cif. Waɗanda suke cikin aiki kafin ranar su ma an taɓa wasunsu: wanda bai kai shekara 50 ta Hijira ba kuma bai haɗa shekara 20 yana biya ba, shekarun ritayarsa sun matsa zuwa tsakanin 58 da 65 na Miladiyya gwargwadon shekarunsa, sharaɗin ritayar wuri kuma tsakanin 25 da 30. Wanda ya kai 50 ko ya haɗa 20 ba abin da ya sauya masa.

Sabuwar dokar ta farar hula ce, ba ta haɗa da sojoji ba. Saboda haka ga matashin yau tazarar ta ƙara faɗi: raƙib ɗinmu yana fita a 50 da 9,000, sa'ansa na ofis sai ya ƙara fiye da shekara 15 a kan kujera kafin ya samu abin da bai fi wannan da yawa ba.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne

Mai takardar sakandare kaɗai, mai lafiyar jiki, wanda zai iya jure umarni da canjin gari, ni dai askariyya nake ba shi shawara, domin aikin ofis da wannan takardar za ta ba shi a ƙananan matakai zai tsaya, fanshonsa kuma a ƙasa. Sharaɗina biyu ne, ya bi ƙarin girma da gaske, kuma ya koyi sana'a tun yana ciki. Mai digirin da ya samu shiga a matsayin hafsa, ta Kwalejin Tsaro ta Sarki Fahad da ke Riyad ko makamanciyarta, lissafin fansho yana tare da shi ƙwarai, muddin ya wuce naƙib ya kama hanyar muƙaddam da aƙid.

Wanda nake ja wa kunne shi ne mai digirin da ya gaji da jiran aiki, zai shiga a ƙaramin muƙami don kawai an ce da 35 ake rabawa. Malami, injiniya ko ma'aikacin lafiya da albashinsa zai yi ta hawa har shekara 40 zai iya tashi da fanshon da ya fi na ra'is ruƙaba nesa, ko da a sabuwar doka ne. Haka wanda ke da iyaye tsofaffi a Makka ba mai kula da su sai shi, ko mai larurar da za ta iya sa a sallame shi tun da wuri, ya auna da wannan kafin ya auna da lamba. 'Yan mata ma yanzu suna shiga aikin kaki a Jawazat da Amnul Am da Ma'aikatar Tsaro, lissafin nan ya shafe su.

Wanda zai nemi aikin farar hula ya tambaya a rubuce wace doka ce za ta hau kansa, musamman in ya taɓa yin aiki a kamfani kafin Yulin 2024, domin watannin da aka biya masa a lokacin suna iya fitar da shi daga sahun sababbin shiga. Ana ganin su a manhajar GOSI, wato ta hukumar Ta'aminat. Wanda zai shiga kaki kuma ya ɗauki biro ya yi lissafi sau biyu, ɗaya da muƙamin da yake fata, ɗaya da muƙami biyu ƙasa da shi, ya ga ko na biyun zai riƙe gida yana ɗan shekara 46 ko 48.